Danshi a Ɗakin Mai Filasta

Yayana shekara arba'in da biyu ya yi yana shafe bangon mutane. A unguwarmu ba a kiransa da komai sai Mai Filasta, har yaran da aka haifa bayan ya ajiye cokalin gini ma haka suka tashi suka ji. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai wata ɗabi'a da ta sha ba ni kunya: duk gidan da ya shiga, ko gaisuwar rashin lafiya ya je, sai ya ɗora tafin hannunsa a bango kafin ya zauna. Wani lokaci ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne. In ya ji abin da bai yi masa ba, ba zai iya haɗiyewa ba, sai ya faɗa wa masu gidan, ko da ba su tambaye shi ba.

Ni ce ƙanwarsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan da iyayenmu suka bar mana, ɗakina na kallon nasa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Don haka abin da zan faɗa ba labarin wani na ji ba, a gabana aka yi shi, kuma da hannuna a ciki.

Da wannan cokali ya ciyar da gida, da shi ya sa 'ya'yansa biyu a makaranta. Na farin namiji ne, muna ce masa Manaja tun yana ƙarami saboda son ba da umarni, kuma Allah ya yi ya samu aikin ofis a wani gari. Ƙaramar, Auta, tana aure a nesa, tafiyar yini guda a mota. Duk shekarun nan ɗakin Yaya da matarsa yana nan yadda mahaifinmu ya bar shi. Kullum yana cewa da zarar ya gama aikin da ke hannunsa zai juyo kan nasa. Aiki ya bi aiki, kuɗin makaranta ya bi kuɗin asibiti, har kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa ya zauna a gida, bai juyo ba.

Ɗakin kuwa yana da ciwo, kowa ya sani. Bangon baya ya sha ruwa daga ƙasa har kusan ƙugu, filastarsa ta kumbura tana zubar da wani farin gari kamar gishiri. Falle biyu na kwanon rufi sun yi tsatsa, silin ya yi taswirar ruwa a kusurwa. Tagar ba ta fi faranti girma ba. Matarsa, wadda duk gidan muke kira Inna saboda bakin yara, tana da ciwon ƙirji. Daminar bara sai da ta kwana shida a asibiti, likita kuma ya faɗa ƙarara cewa in ɗakin nan bai bushe ba, kada ta ƙara yin damina a cikinsa. Auta tana jin haka ta ce to ita za ta ɗauke uwarta. Gidanta ɗaki biyu ne da 'ya'ya huɗu, Inna za ta samu gefen katifa wajen jikoki, amma babu inda za a sa tsoho. Ma'ana dai a raba su, mutanen da tunda aka kawo ta gidan nan ba su taɓa yin wata guda ba tare ba.

Shi ya sa da yaran suka haɗa kuɗi, dubu ɗari takwas cif, suka ce a gyara ɗakin kafin ruwa ya sauka, na ga yayana ya yi wani irin haske da na daɗe ban gani ba. Kwana uku yana zagaya ɗakin da igiyar awo. Ya sa an ɗora masa tsani ya leƙa rufin, ya je kasuwar kayan gini ya jiyo farashi, ya dawo ya zauna da fensir da bayan kalanda. Ya kira ni ya karanta mini, don ko da idona ya fi nasa, rubutunsa shi kaɗai ke gane shi.

Ya ce ruwa ta wuri biyu yake shigowa, don haka wuri biyun za a fara toshewa. Na farko sama: a canja fallayen da suka ruɓe, a sa indararo ya kwashe ruwan rufi ya kai shi kwata, dubu ɗari biyu da goma. Na biyu bayan ɗaki, inda ƙasar lungu ta taru ta fi daɓen ciki tudu, ruwa ya kwanta a gindin bango yana tsotsa. A haƙe wajen, a zuba kankare mai gangare, dubu ɗari da arba'in. Bayan nan ne za a shigo ciki a farfashe tsohuwar filasta har sama da inda danshin ya tsaya, a bar bulo tsirara ya sha iska.

"Har yaushe?" na tambaye shi.

"Sati huɗu. In ya ƙi, shida. Bango ba ya jin sauri."

A cikin wannan jiran za a faɗaɗa taga da dubu saba'in, mai wuta ya binne wayoyinsa da dubu arba'in, don kada a gama shafe a dawo ana sara. Sannan sabuwar filasta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin, ɗari da goma. Silin casa'in. Fenti sittin, shi ma sai filastar ta bushe. Ragowar dubu tamanin ya ja layi a ƙarƙashinta ya ce ba a taɓa ta, domin bai taɓa buɗe rufin da bai tarar da ruɓaɓɓen katako a ciki ba.

Na ce, "Yaya, ina gado? Ina labule?"

Ya ce, "Gadon da muke kai bai karye ba. Labule kuwa ko baɗi a saya, ba ya gudu."

Ranar Asabar yaran suka iso. Manaja bai zo shi kaɗai ba, ya taho da wani mai adon ɗaki, mutum mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini, wanda tun daga ƙofa yake kallon gidanmu kamar an aiko shi jaje. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yaya ya ɗauko kalandarsa ya fara bayani a hankali, daga rufi zuwa lungu. Bai kai ga taga ba Manaja ya ɗaga hannu.

"Baba, tsaya. Yanzu duk kuɗin nan, kusan rabi a saman kwano da bayan ɗaki zai tafi? Inda ba mai gani?"

"Ruwan ma ta inda ba mai gani yake shigowa."

"To in an gama, me za mu shigo mu tarar? Ɗakin nan dai, da gadon nan, da sabon fenti. Haba Baba. Wata takwas muna matse bakin aljihu."

Mai ado ya yi murmushi ya fito da wayarsa. Ya dinga shafa hotuna yana miƙa mana: ɗakuna farare tas, bango mai sheƙi, fitilu a cikin silin kamar taurari. Ya ce yanzu an daina wahalar fasa bango. Akwai allunan roba da ake jerawa a kan katako a rufe bangon gaba ɗaya, roba kuwa ba ta shan ruwa, ko bokiti aka watsa mata. Sati ɗaya ya gama. Ya karanto nasa lissafin da sauri kamar mai tallan magani: allunan bango ɗari da casa'in, silin roba ɗari da ashirin, tayil ɗari da hamsin, gado da katifa ɗari biyu, labule sittin, fitilu talatin, ladan hannu hamsin. Ɗari takwas daidai, ko ficika ba ta rage ba. Ban san yadda aka yi lissafinsa ya faɗa daidai kan kuɗin da ke aljihun Manaja ba, amma ina da zato.

"Rufin fa?" in ji Yaya.

"Za mu shafa kwalta a ramukan, Baba. Kyauta ma zan yi maka."

"Robar ba ta shan ruwa, gaskiya ne. Bangon da ke bayanta fa? Yanzu yana shan ruwa yana fitarwa. In ka rufe masa fuska, ka kuma danne ƙasa da tayil, ta ina zai fitar?"

Mai ado ya dubi Manaja ya yi 'yar dariya. "Su Baba an saba da aikin da."

Wallahi da a wajen aiki wani ya gaya masa haka shekara goma baya, da sai an riƙe shi. Ya buɗe baki zai amsa, sai Inna ta riga shi. Tana zaune a bakin ƙofa da wayar mai ado a hannunta, ta kasa sakin hoton wani gado mai allon kai.

"Malam," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "shekara arba'in kana gyara ɗakunan matan mutane. Kullum ka dawo ka ba ni labarin yadda ka yi wa wance kaza. Ban taɓa ce maka komai ba. Yau 'ya'yana sun ce za su yi mini, kai kuma ka ce a zuba a lungu."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta yi ciwo. Auta ta fara share ido. A nan ne ni, da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce, "Yaya, ka bar yarinyar mutane ta ɗana ko sau ɗaya mana. Kai ko aljanna aka kai ka sai ka ƙwanƙwasa bango." Aka yi dariya, har da mai ado. Na ji daɗin kaina a lokacin, na ga na raba gardama.

Yaya ya dubi matarsa ya daɗe. Sannan ya naɗe kalandar ya tura ƙarƙashin cinyarsa.

"Kuɗinku ne," ya ce. "Ku yi yadda kuka gani."

Ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Da Manaja zai shiga mota washegari, ya bi shi har bakin titi ya ce ko rufin kaɗai a yi, a haƙura da tayil da labule. Manaja ya dafa kafaɗarsa, mai ciwon ma, ya ce, "Baba, ka huta. Ka yi naka, yanzu lokacinmu ne." Ina tsaye na ji.

Kwana takwas aka yi ana aiki. Yaya da Inna suna kwana a ɗakina, ni na koma wajen maƙwabciya. Yaya bai leƙa ba ko sau ɗaya. Yana zaune a ƙofar gida yana jin ƙarar guduma, ana kafa katako a jikin filastar da ya san ko ƙusa ba ta riƙewa da kyau. Masu wucewa suna ce masa, "Mai Filasta, an shiga daga ciki, 'ya'ya sun yi albarka." Yana amsawa da amin.

Ba zan yi ƙarya ba, ɗakin ya yi kyau. Ranar da aka gama na tsaya a bakin ƙofa na cire takalmi ba wanda ya ce in cire. Bango fari mai ratsin zinariya, tayil kamar madubi, labule mai nauyi tun daga silin har ƙasa ya rufe 'yar tagar nan gaba ɗaya, don mai ado ya ce tana ɓata tsari. Inna ta zauna a bakin sabon gado tana shafa zanin da hannu biyu, tana dariya kamar yarinya. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo har sati. Auta ta sa aka ɗauki hoto ta kowace kusurwa aka tura mata. Yaya ma da ya ga fuskar matarsa sai da ya yi murmushi. Na lura dai ya shiga ya zauna bai taɓa bangon ba.

Wata biyu aka yi cikin daɗi, sannan ruwa ya sauka. Kwaltar mai ado ta riƙe ruwan farko da na biyu. Kafin na uku rana ta gasa ta ta tsage. Da can in rufi ya yi yoyo muna ganin tabo a silin mu tara roba. Yanzu silin ɗin kansa roba ne, ruwan sai ya kwanta a kansa ya gangara gefe ya bi bayan allunan, ba mai gani. Lungu kuma ya cika kamar kullum. Ɗakin yana nan fes a ido, sai dai in ka shiga da safe wani wari ya tare ka, irin na rigar da aka manta a cikin bokiti. Inna ta sayi turaren fesawa. Ta ce warin sabon kaya ne.

Tarin ya fara a hankali, ya zama shaƙewa. Abin shaƙarta da ke yi mata wata guda ya koma ƙarewa a kwana goma. Yaya ya zuge labulen ya ɗaure shi da igiya, ya bar ƙofa a buɗe, ya roƙe ta ta dawo ɗakina. Ta ƙi. Ta ce ba ta jira shekara arba'in don ta bar wa iska gadonta ba. Ya buga wa Manaja waya ya ce a zo a cire allo ɗaya a duba, Manaja ya ce a bari damina ta wuce kada a ɓata aiki. Mai ado kuwa wayarsa ta daina shiga.

Wata ranar Talata da hantsi na same ta durƙushe a kan tayil ɗin nan mai kyau, leɓenta ya canja launi. Kwana tara ta yi a asibiti wannan karon, uku daga ciki da robar iska a hanci.

Yaran suka zo a gigice. Likita ya tambaye su ko an gyara ɗakin, Manaja ya nuna masa hoto. Likitan ya ce shi ba hoto ya tambaya ba, su je su duba abin da ke bayan robar. Muka dawo gida da la'asar. Manaja da kansa ya sa bakin guduma ya ɓanɓaro allo ɗaya daga bangon baya, daidai kan gadon.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, tun daga ƙasa har sama da kaina, inda da can iyakarsa ƙugu. Katakon da aka kafa ya jiƙe ya yi laushi. Filasta ta biyo allon ta zube a kan matashin Inna. Warin da ya fito sai da Auta ta fita da gudu tana toshe hanci. Allon kan gadon ma ta baya ya yi gashi-gashi, gefen katifa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Watanni tana kwana da hancinta bai fi taki ɗaya daga wannan ba.

Manaja ya tsaya da gudumar a hannu yana huci. Sai ya juyo kan ubansa.

"Baba, kai fa mai filasta ne. Ka san haka za ta faru, ka zauna ka yi shiru? Da ka tsaya tsayin daka ai da ba mu yi ba."

Na yi kansa. Na ce, "Kai, marar kunya! Ba a gabana ya..." Yaya ya ɗaga mini hannu. Na yi shiru, kuma gaskiya ba don ya hana ni kaɗai ba. Na tuna wadda ta sa aka yi masa dariya a kan tabarma.

"Haka ne," ya ce wa ɗansa. "Na yi shiru."

Aka yi maganar gyara, ba ta yi nisa ba. Farashin kwano da siminti ya tashi, asibiti ya cinye abin da yaran suke da shi, ko kwabo ba a ware ba tun farko. Manaja ya ce a sayar da gadon, wanda ya zo gani ya shinshina katifar ya taya kwata ɗin kuɗinta. Allunan da tayil kuwa ba mai sayen na hannu. Suka ce sai baɗi in Allah ya hore. Ɗakina ma bayansa wani lungun ne mai riƙe ruwa, likita ya ce kada a gwada.

Daga asibiti Auta ta wuce da uwarta. Sun tsaya a ƙofar gida don a ɗauko kayanta, ba a bar ta ta shiga ba. Yaya ya fito da jakarta a hannun hagu ya sa a bayan mota. Inna ta sauke gilashi, muryarta ba ta fita sosai.

"Malam, ka yafe mini maganar nan."

"Ba ki faɗi ƙarya ba," ya ce. "In ya bushe zan aiko a ɗauko ki."

Yau wata biyar ke nan. Ya cire allunan duka ya jingine su a zaure. Kullum da safe in ya karya, sai ya ɗauki guduma da hannun hagu ya shiga. Hannun bai saba ba, ba ya wuce faɗin tabarmar salla a sati. Yana farfasa filastar yana kwashewa a bokiti, ya bar bulo a buɗe. Da yamma Inna ta bugo waya, ina jin sa yana ce mata aiki yana tafiya, an kusa. Tana gaya masa jikoki sun hana ta barci, ba wanda ya iya haɗa mata shayi yadda take so.

Fallen nan biyu suna nan da ramukansu, lungu yana nan da tudunsa, damina kuma saura wata uku. Rannan na kasa daurewa, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, kai da bakinka ka ce sai an toshe sama da baya. In ba a yi su ba, wannan fashe-fashen zai busar da shi?"

Bai juyo ba. Ya gyara riƙon gudumar.

"Ba zai bushe ba," ya ce. "Amma in ta bugo, me zan ce mata ina yi?"